Akan da A Kan: Inda Jan Biro Ya Kamata Ya Sauka

Tarihin daidaita rubutun boko, daga taron Bamako na 1966 zuwa na Yamai a 1980, kun san shi, ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Ƙorafina a yau da mu masu koyar da insha'i ne. Duk lokacin da aka ta da zancen kalmomi masu rikitar da ɗalibai, sai mu garzaya wajen gari na zama da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwa, mu cika allo da su. To amma wane ɗalibi ne ya karanta cewa an tankaɗe gari ya zaci Katsina aka zuba a rariya? Waɗannan tagwaye rubutunsu ɗaya ne, saboda haka babu kuskuren da ɗalibi zai tafka a cikinsu, jimla kuma tana raba gardama. Ɓarnar tana wurin kalmomin da tazara kaɗai ke bambanta su a takarda.

Mu ɗauki akan da a kan, domin a ganina su ne uwa uba. Akan a haɗe lokaci sabau ne, 'yar'uwar yakan da sukan, kuma aikatau ne ke bin ta, kamar a ce akan yi shuka da damina. A kan a rabe kalmomi biyu ne, a mai nuna wuri da kan, wato kai da aka liƙa wa mahaɗi, kuma suna ne ya fi bin su. Bakin Bahaushe bai taɓa haɗa su ba: a ta farko murya tana farawa sama ta sauka, a ta biyu tana farawa ƙasa ta hau sannan ta faɗo. Hannu ne ke cakuɗa su, domin boko ba ya nuna karin sauti. Maganin wannan shi ne gwajin musanya. Ɗalibi ya cire kalmar ya sa sukan. In jimla ta tsaya, a haɗe take. In kuwa bisa ce ta zauna daram, to a rabe. Ku rubuta wannan a allo ku ce a gyara: akan tabarma a kan ci tuwo. Bisa tabarma ta yi daidai, sukan tabarma ba magana ba ce. Sukan ci tuwo ta yi, bisa ci tuwo ba ta yi ba. Gyararriyar jimla ita ce, a kan tabarma akan ci tuwo. Haka aka da a ka suke. Tulun da a ka ɗora mata aka ya fashe: a gurbin farko suka ta shiga, don haka aka ce, na biyu kuwa kan yarinyar ake nufi, sai a raba. Ga ta uku, wadda ke yawan fitowa a wasiƙun neman aiki: nasa hannu a takardar. In mun sa hannu ta zauna, to na sa ake nufi, nasa kuwa ta mallaka ce.

Wasu abokan aiki sun daɗe suna cewa a dawo da alamomin karin sauti da na tsawon wasali, irin na ƙamus, komai zai warware. Wurin waɗannan alamomi ƙamus ne da ajin nazarin harshe. Yaron da bai iya barin tazara ba, ba a ƙara masa kaya. Masu cewa ai mai karatu zai gane kuwa, ina tambayarsu: zai gane a karatu na nawa? Jimlar da sai an koma an sake karanta ta kafin a san wa ya yi me, ta riga ta gaza.

Na yarda gwajin musanya yana da iyaka. Ba ya gaya wa ɗalibi cewa kalmar za a rabe ake rubuta ta, kuma ba ya sa ƙugiya inda aka manta da ita, kamar baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Waɗannan sai shifta, wadda muka yi sakaci muka yasar a makarantu da yawa.

Abin da nake nema shi ne minti biyar a farkon kowane darasin insha'i: jimla uku masu kuskure a allo, an tsamo su daga rubutun 'yan ajin ba tare da suna ba, kowa ya gyara, sannan ya faɗi kalmar da ya musanya da ita. Masu tsara jarrabawa kuma su ware wa rabon kalmomi maki na kansa, domin muddin yana ɓoye cikin makin ƙa'idojin rubutu gaba ɗaya, malami ba zai san inda ajinsa ke tuntuɓe ba.