Daren da mara iyaka ya ƙi ragi

Shugabannin makarantu, malamai 'yan uwana, iyaye, da ku ɗalibai da jarrabawar bak ke tafe muku, ina gaishe ku da zama a wannan zafi na Dogondutsi. Labari na zo da shi, kuma na haɗa shi ne daga irin gardamar da kowane malamin lisafi na ajin taminal ya sha ji. Saboda haka kada wani ya fara waige yana neman masu shi a cikin wannan zaure.

Samari ne biyu, ajinsu ɗaya a lise. Ɗaya ɗan Matankari ne, ɗayan daga Tibiri ya zo, kuma da sunan garuruwansu abokai ke kiransu. Ɗan Tibiri yakan ce tun 2011 da aka yanke musu tasu gunduma suka daina zama ƙannen kowa, ɗan Matankari kuwa ya ce masa ai har yau nan kake kwana. Watan Mayu ne, ɗaki ya ƙi zamuwa, sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai masaukinsu da fitila da butar shayi. Dare ya raba suka iso kan wannan tambaya: a nemo limit na √(x² + x) − x idan x na ta girma ba tsayawa.

Ga iyayenmu da suka daɗe da barin aji: alamar √ tana neman lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka abin da ke ƙarƙashin alamar, kamar yadda √49 yake 7. Limit kuwa shi ne inda amsa ta dosa yayin da x ke ƙara girma.

Ɗan Tibiri bai ɓata lokaci ba. Ya ce na farko mara iyaka ne, na biyu ma mara iyaka ne, ya rubuta ∞ − ∞ = 0, ya miƙa hannu ga kofin shayi.

"Tsaya, aboki," in ji ɗan Matankari. "Ina ka samo sifiri?"

"Kai ma ka sani. Bakwai ka cire bakwai, me ya rage? Miliyan ka cire miliyan fa?"

Ɗan Matankari bai da amsa, amma yana da kalkuleta. Ya sa x ya zama 10: √110 ya ba shi 10,488, ya cire 10, saura 0,488. Ya sa 100, ya samu 0,4988. Ya sa 1000, ya samu 0,49988. Ya juya wa abokinsa fuskar na'urar ya ce, "Wannan rabi ya dosa, ba ruwansa da sifirinka."

Ɗan Tibiri mutum ne mai taurin kai. Ya karɓe kalkuletar ya ce ƙananan lambobi kake sawa, bari a sa mai girman gaske. Ya buga 1 mai sifiri ashirin a bayansa, na'ura ta nuna 0. Ya yi tsalle har ya kusa zubar da buta.

Ina so ɗalibai su riƙe wannan wurin, don yakan ruɗa har masu ƙoƙari. Kalkuletar aji lambobi goma sha wani abu kaɗai take iya riƙewa a cikinta. Idan x yana da sifiri ashirin, x² yana da arba'in, kuma in ta zo ƙara x a kan x², sai ƙarin ya faɗa can wajen lambobin da ba ta da wurin ajiye su, ta watsar da shi. Abin da ta lisafa a zahiri shi ne √(x²) − x, wanda sifiri ne tun asali. Alamar da za ka gane hakan ita ce amsa tana tafiya a hankali, 0,488, 0,4988, 0,49988, sai kwatsam ta faɗi ƙasa. Lisafin da ke tafiya da tsari ba ya irin wannan faɗuwa, na'urar ce ta cika.

Su dai samarin ba su gane haka nan take ba. Ɗan Matankari ya bi ta wata hanya. Ya ce, "To ajiye na'ura. Ɗauki (x + 5) − x. Na farko mara iyaka ne?"

"Ƙwarai."

"Na biyu fa?"

"Shi ma."

"Nawa ya rage?"

Ɗan Tibiri ya yi shiru, don biyar ne ya rage, ko x ya kai ina. Sai shi da kansa ya gwada x² − x: a 10 ya ba shi 90, a 100 ya ba shi 9900, yana ta hawa. Ga tambayoyi uku, dukkansu fuskarsu ∞ − ∞, ɗaya ta ba da biyar, ɗaya ta tafi ba dawowa, ɗaya tana neman rabi. Ya ce, "Wallahi da lamba ce, da amsa ɗaya za ta bayar." A nan ne ya fahimci abin da malaminsu ke nufi da haruffan F.I. da yake rubutawa a allo gefen irin wannan. Da can ya ɗauka ado ne. Ma'anarsu ita ce siffar tambayar ba ta yanke komai ba tukuna, sai an sake aiki.

Aikin kuwa gajere ne. Ka ninka √(x² + x) − x da abokin tafiyarsa √(x² + x) + x, sannan ka raba da shi, don kada ƙima ta sauya. A sama za ka samu (x² + x) − x², wato x kawai. Ya zama x a kan √(x² + x) + x. Ka raba sama da ƙasa da x, ya koma 1 a kan √(1 + 1/x) + 1. Yanzu idan x ya girma, 1/x yana ƙanƙancewa zuwa sifiri, ƙasa ta dosa 1 + 1, amsa ta zama 1/2. Ku lura, a duk matakan nan ba inda aka taɓa alamar ∞. Da x aka yi ta aiki, shi kuwa lamba ce ta gaske a kowane mataki, ana iya ƙara ta, a rage ta, a raba da ita. Alamar nan, wadda Baturen Ingila John Wallis ya shigo da ita a 1655, a darasin limit taƙaita zance take yi: duk lambar da ka ambata, x zai wuce ta.

Da labarin ya tsaya nan da sun kwanta. Amma ɗan Tibiri, da aka kayar da shi, sai ya koma neman inda dokar ragi ta karye. Ya ce rumbun babansa in an ƙara dami ɗaya na gero, yawan dammuna ya sauya, in an cire ɗaya ya sauya, kuma duk ƙidayar da ya sani haka take. Mara iyaka kuwa in ka ƙara masa ɗaya yana nan yadda yake. Ya rubuta ∞ + 1 = ∞, ya cire ∞ daga kowane ɓangare kamar yadda aka koya masa tun koleji, sai ga 1 = 0 a kan takarda. Suka dubi juna. Dokar cire abu ɗaya daga ɓangarori biyu tana aiki ne saboda lamba in an ƙara mata abu takan sauya. Abin da ba ya jin ƙari, wannan doka ba ta hau kansa ba.

Ɗan Matankari ya ƙara masa da wata. Ya jera 1, 2, 3, 4 a layi, a ƙarƙashin kowace ya rubuta ninkinta: 2, 4, 6, 8. Kowace ta sama tana da abokiya ɗaya tak a ƙasa, ba wadda ta rasa, ba wadda ta samu biyu. Ke nan lambobin da ke rabuwa biyu daidai yawansu ɗaya da dukan lambobi, alhali a cikinsu suke. In ka kwashe su daga jerin, 1, 3, 5, 7 sun rage, ba iyaka. In kuwa ka kwashe daga 6 zuwa sama, waɗanda su ma ba su da iyaka, biyar kacal suka rage. Ragin da ya ruɗa su a limit ya sake fitowa a ƙidaya tsagwaronta.

Abin da ya tsayar da samarin nan ya tsayar da manya. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya kawo hujja irin wannan a littafinsa kan falsafar farko: ka yanki wani yanki daga jiki mara iyaka, in abin da ya rage mara iyaka ne, to ka mayar da yankin. Ko dai jimlar ta fi saura girma, ya zama wani mara iyaka ya fi wani, ko kuma daidai suke, ya zama ɓangare ya kai duka. Ya ga duka biyun ba su yiwuwa, sai ya yanke cewa jiki mara iyaka babu shi. Galileo, a littafinsa na 1638, ya jera lambobi da murabba'ansu, 1, 4, 9, 16, kamar yadda ɗan Matankari ya yi da ninki, ya ce kalmomin "ya fi", "bai kai ba" da "daidai" ba su dace da mara iyaka ba. Sai a 1888 Richard Dedekind na Jamus ya ɗauki abin da ake gudu ya mai da shi ma'ana: tarin abubuwa mara iyaka shi ne wanda za a iya haɗa shi ɗaya-da-ɗaya da wani ɓangarensa. Georg Cantor kuma, tun 1874, ya nuna cewa lambobin da ke kan layi, har da irin su √2, sun fi ƙarfin a jera su da 1, 2, 3, wato marasa iyaka ma hawa-hawa ne. Wannan sai wata laccar. Na ambace shi ne don kada wani ya fita yana cewa masana sun haramta lisafi da mara iyaka. Suna yi, da dokokin da aka gina masa, kuma ragi irin na kasuwa ba ya cikinsu.

A ganina mu malamai muna da hannu a wannan ruɗani. Mukan ba yara jadawali su haddace: ∞ + ∞ ya ba da ∞, lamba a kan ∞ ta ba da sifiri. Waɗannan gaskiya ne a matsayin taƙaitawa, amma yaron da ya ga ana tara alamar kamar lamba, me zai hana shi rage ta? Gara a fara sa shi ya buga 10, 100, 1000 da hannunsa kafin ya ga jadawalin.

Samarin sun rufe littafi wajen kiran assalatu, ɗan Tibiri yana cewa ai shi ya gano 1 = 0, don haka nasara tasa ce. Ku kuma ɗalibai ga naku kafin gobe: √(x² + 6x) − x. Ku gwada 100 tukuna, za ku samu 2,956. Sannan ku bi hanyar abokin tafiya ku nuna mini dalilin da ya sa amsar take 3.