Abin Da Takardar Magani Take Faɗa

Wannan shi ne jawabin da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata. Mun kawo shi kamar yadda ta faɗa.

 

Malaminku ya ce mini yanzu kuna iya karanta lambobi, kuna kuma haɗa baƙaƙe. To, yau za mu yi amfani da wannan karatu a kan kwalin magani. Yawancin rubutun kwalin da Turanci yake. Kada wannan ya tsorata ku. Kalmomin da suka shafe ku ba su da yawa. Zan rubuta su a allo, ku kwafa a littafinku, ku riƙe kamanninsu kamar yadda kuke riƙe fuskar mutum.

Bari mu ɗauki magani guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Na zaɓi maganin zazzaɓin cizon sauro, domin babu gidan da bai san shi ba. Iyayenmu sun saba da kulorokwin. Tun shekarar 2005 Nijeriya ta sauya shi, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Wanda ake bayarwa yanzu haɗin magani biyu ne a ƙwaya ɗaya. Da yawanku kun san shi da sunan Kwatem, ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa.

A ce wata uwa ta kai ɗanta asibiti ranar Litinin da hantsi. Yaron shekararsa 4. An gwada jininsa, an ga zazzaɓin cizon sauro ne. Kafin a ba shi magani sai aka ɗora shi a sikeli, aka ga kilo 16. Me ya sa aka auna shi? Saboda kalmarmu ta farko. Ga ta a allo: Dosage. Ma'anarta ƙa'idar shan magani, wato nawa za a sha, sau nawa, har kwana nawa.

Ƙa'idar wannan magani nauyin jiki take bi. Yaron da bai kai kilo 15 ba, ƙwaya 1 ake ba shi kowane sha. Daga kilo 15 zuwa 24, ƙwaya 2. Daga 25 zuwa 34, ƙwaya 3. Wanda ya kai kilo 35 ko ya wuce, ƙwaya 4, daidai da babba. Yaronmu kilo 16 ne, saboda haka ƙwaya 2 ne rabonsa. Zai sha sau 6 cikin kwana 3. Ku lissafa tare da ni: 2 sau 6, ƙwaya 12 ke nan. Duk 12 ɗin nasa ne shi kaɗai.

A nan ne nake yawan ganin kuskure. Ranar Talata yaro ya tashi, jiki ya yi sanyi, har ya nemi koko. Sai uwa ta ce alhamdu lillahi, ta ɗaure sauran ƙwayoyin a bakin zane, ta ajiye wa ƙanwarsa. Ban ga laifinta ba, magani da tsada. Amma ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba. Ta yi laushi ne kawai. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya dawo, a sake kashe wani kuɗin. Ita ma ƙanwar da aka ba rabin magani ba za ta warke sarai ba. Manomi ya san haka: in ka yi noma ka bar saiwar ciyawa, ruwa ɗaya zai dawo da ita.

Akwai wani abu kuma. Ku duba lambar da ke gaban kwalin, kusa da baƙaƙen nan biyu, mg. Wannan ƙarfin ƙwayar ne. Ƙaramar an rubuta mata 20/120. Akwai babba mai 80/480, wadda ƙarfinta ya ninka na ƙaramar sau 4. Babban mutum guda 1 kawai yake shan irin wannan kowane lokaci. In ka saba shan 4, aka ba ka mai ƙarfin, ka sha 4 ɗin, ka sha na mutum huɗu ke nan. Shi ya sa ba a cewa, "Ai na san maganin, na taɓa sha." A dubi lambar tukuna.

Kalma ta biyu ita ce twice daily, wato sau biyu a rana. Likita yakan taƙaita ta ya rubuta bd. Mai ba da magani kuma yakan rubuta 1-0-1 a bayan ambulan. Lambar farko ta safe ce, ta tsakiya ta rana, ta ƙarshe ta dare. Sifirin da ke tsakiya yana nufin babu sha da rana. In ƙwaya biyu-biyu ne, za ku ga 2-0-2.

Mutane da yawa sun ɗauka sau biyu a rana yana nufin duk lokacin da ka tuna, muddin dai ya kai biyu. Wani ya sha da safe, ya ƙara da hantsi, ya ce ya sauke nauyi. Wani ma ya haɗa duka ya haɗiye lokaci ɗaya don kada ya manta. Ba haka ba ne. Rana da dare awa 24 ne. In ka raba biyu, awa 12 ke nan tsakanin sha da sha. Magani a jiki kamar ruwa ne a randa mai yoyo. Ka zuba, yana raguwa a hankali. Ana so ka ƙara kafin ta ƙafe. In ka zuba duka lokaci ɗaya sai ta ambaliya, wato magani ya yi maka yawa, ya jawo jiri ko amai. Sannan ta kwana a ƙafe, cuta ta sami sarari.

Ba kowa ke da agogo ba, amma kowa yana jin kiran salla. Sau biyu a rana, ka sha bayan asuba, ka sake sha da magariba. Sau uku a rana, wanda ake rubutawa tds ko 1-1-1, awa 8 ne tsakani. Ka sha da asuba, ka sha da azahar wajen ƙarfe 2, sannan na ƙarshe wajen ƙarfe 10 na dare in za ka kwanta.

Mu koma ga yaronmu. Wannan magani yana da ɗan bambanci a ranar farko kawai: sha na biyu bayan awa 8 ne. Ya sha na farko ƙarfe 10 na safen Litinin, to na biyu ƙarfe 6 na yamma. Talata safe da yamma. Laraba safe da yamma. An gama. In ya amayar da maganin kafin awa ɗaya ta cika, a sake ba shi wani, sannan a koma asibiti a karɓo cikon abin da ya ragu. In kuma amai ya ƙi tsayawa, ko ya fara jijjiga, ko ya kasa shan komai, a bar batun ƙwaya a gida, a ruga da shi asibiti.

Sai maganar abinci. Before meals shi ne kafin abinci. After meals shi ne bayan abinci. Kalma ta biyun iri ɗaya ce, saboda haka ta farkon za ku lura da ita. Kafin abinci ba ya nufin ka haɗiyi ƙwaya kwanon tuwo yana gabanka. Ana nufin ka sha da ruwa, ka jira rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan ka ci. Misali omifirazol, maganin gyambon ciki, da safe ake shan sa kafin karin kumallo, domin ya riga abinci shiga jiki. Shi kuwa aibufurofen, na ciwon gaɓoɓi, bayan abinci ake sha, saboda yana cin ciki in ya tarar da shi wayam. Maganin yaronmu kuma tare da abinci yake so, musamman mai ɗan maiƙo, domin maiƙo ne ke taimaka masa shiga jini. Madara ta isa, ko kunun gyaɗa, ko nonon uwa ga mai shan mama.

Kalma ta ƙarshe doguwa ce, ni ma sai da na sha wuya kafin na iya faɗinta: Contraindications. Ba sai kun iya furta ta ba. Ku riƙe cewa tana farawa da Contra. Tana cikin 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwali, wadda muke jefarwa ko yara su yi wasa da ita. Abin da ke ƙarƙashin wannan kalma shi ne jerin mutanen da aka hana su shan maganin sam.

Ga misalai. Mai gyambon ciki an hana shi aibufurofen, don yana iya sa gyambon ya yi jini. Alamar hakan ita ce bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aman jini. Mai ciki ma kada ta sha shi, musamman a watannin ƙarshe. Asfirin kuma ba a ba yara. Wanda ya taɓa shan Saftirin jikinsa ya yi ƙuraje, ko leɓɓansa suka saɓule, kada ya sake sha, kada kuma ya sha Fansida, domin danginsu ɗaya. In kun ga wannan kalma, ku sa yatsa a kanta, ku ce wa mai ba da magani ya karanta muku abin da ke ƙasa. Ku kuma ku gaya masa abu uku ko bai tambaya ba: ko akwai ciki ko goyo, ko kuna da wani tsohon ciwo, da kuma maganin da ya taɓa ɓata muku jiki.

Baba na can baya ya ɗaga hannu, yana tambaya a kan maganin ruwa na yara. An ce masa cokali ɗaya, wane cokali? Baba, ka yi tambaya mai kyau. Cokalin da ake nufi yana cin 5 ml. Cokulan gidajenmu kuwa ba girmansu ɗaya ba, na cin shinkafa yakan ci ninki biyu ko uku na wannan. Ka yi amfani da ɗan kofin roba da ke kan murfin kwalbar. Akwai zane a jikinsa, an rubuta 5, an rubuta 10. Ka ajiye shi a wuri mai daidai, ka zuba zuwa zanen da aka ce maka. In an rubuta a girgiza kwalbar, ko ka ga garin magani ya kwanta a ƙasa, ka girgiza kafin ka zuba.

Inna kuma ta ce in mutum ya manta lokaci fa? Inna, ki sha da zarar kin tuna. Amma in lokacin na gaba ya kusa, kada ki haɗa biyu ki haɗiye. Na hawan jini ko na ciwon sukari kuwa, ki tambayi wanda ya rubuta miki tun ranar da aka ba ki.

Ranar Alhamis zan dawo in Allah ya kai mu. Kowa ya zo da kwalin maganin da ke gidansa, da 'yar takardar ciki in tana nan. Za mu nemo waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, sannan in nuna muku inda ake rubuta ranar da magani yake lalacewa.