Haƙƙin mai ƙirƙira: a cikin abubuwa huɗu, wanne ne doka ta tsare?

 

Tambaya guda ce na kawo muku yau, amma amsoshinta huɗu ne, kuma ɗaya kawai ce daidai. Ga abubuwa huɗu da duk mutumin jihar Tawa ya sani. Na farko, dabarar gina tassa da manoman Adar ke raya fako da ita. Na biyu, sunan albasar Galmi. Na uku, labarin farashin hatsi a kasuwa, tare da rubutun doka da gwamnati ta fitar. Na huɗu, waƙar da wani mawaƙi ya tsara da kansa. A cikinsu wanne ne dokar haƙƙin mai ƙirƙira ta tsare, har mai shi zai iya cewa kada kowa ya kwafa sai da izninsa?

Kafin mu auna su, sai mu san ma'aunin. Nijar ta kafa dokarta kan wannan haƙƙi ranar 30 ga Maris 1993, a 1995 aka kafa ofishin BNDA mai karɓar wa mawaƙa da marubuta kuɗinsu, sannan a 2010 wata sabuwar doka ta maye gurbin ta farko. Bayan wannan, ƙasarmu tana cikin yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ke gudanarwa. Dukkansu sun tsaya a kan ƙa'ida guda: doka tana tsare siffar da mutum ya ba aikinsa, wato kalmominsa da karinsa da zanensa. Tunanin da ke cikin aikin kuwa, da dabara, da gaskiyar abin da ya faru, waɗannan ta bar su ga kowa.

To, mu ɗauki tassa. Manomi zai sami fako, ƙasa ta bushe ta yi tauri har ruwa ba ya shigarta, sai ya gina ƙananan ramuka da rani, ya tara ƙasar da ya fidda ta gefen gangare don ta tare ruwa, ya zuba taki cike da hannu a kowane rami, in ruwan sama ya sauka ya shuka hatsi a ciki. A 1989 wasu manoman Ilela sun ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda aka inganta wannan aiki, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka ɗauka. Ba wanda ya biya ko dala, kuma ba wanda ya taka doka, domin dabara ce, dokar haƙƙin mai ƙirƙira kuwa ba ta tsare dabara.

Amma a lura da inda iyakar take. A ce wani malamin gona a Kaita, inda aikin raya ƙasa ya kankama tun 1984, ya zauna ya rubuta ɗan littafi a kan tassa, da bayaninsa da zanen hannunsa. Kowa na da ikon karantawa ya je gonarsa ya aikata, kowa na da ikon rubuta nasa littafi a kan tassa da kalmominsa. Wanda kuwa ya kai littafin malamin wurin injin hoto, ya buga ɗari biyu yana sayarwa, wannan ya ci haƙƙi. Sabuwar dabarar da ba a taɓa sani ba, kamar wani sabon injin ban-ruwa, tana da ƙofarta dabam: sai mai ita ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a OAPI, ta shekara 20. Tassa ba za ta sami wannan ba, gama tsohuwa ce, kowa ya san ta.

Na biyu, sunan albasar Galmi. Nan ne ƴan kasuwa suka fi ruɗewa, domin sunan kuɗi ne: buhun da aka ce na Galmi ne yana da daraja a Abijan da Ankara da Kwatano. Duk da haka suna ba aikin adabi ba ne, wannan doka ba ta san shi ba. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi mallakar iri da sunan albasar Galmi, manoma da hukumomin Nijar suka tashi suka ƙi. Gardamar ba a kan haƙƙin mai ƙirƙira aka yi ta ba, a kan dokar irin shuka aka yi ta. Daga baya, a farkon shekarun 2020, OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin sunayen da ke nuna asalin kaya. Darasi ga mai shago shi ne, sunan da ka raɗa wa sabulunka ko shayinka ba ya tsare kansa. Sai ka yi masa rajistar tambari, ta shekara 10, kana sabuntawa. In ka yi sakaci wani ya riga ka, cewa kai ka fara tunaninsa ba zai isar maka ba.

Na uku na ma'aikata ne da ƴan jarida. In gidan rediyo ya ce tiyar hatsi ta tashi a kasuwar Badagishiri, wannan labari ba mallakar rediyon ba ne. Gaskiyar abin da ya faru ce, wata jarida na iya faɗinta gobe ba da izinin kowa ba. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta kwashe sharhin da wani ya rubuta a kan dalilin tsadar, kalma da kalma, ta sa sunanta. Haka rubutun doka da na shari'a da na mulki, tare da fassararsu ta hukuma, an fid da su daga tsarewa da gangan. Dalilin a fili yake: ba ya yiwuwa a ce wa talaka rashin sanin doka ba hujja ba ne, sannan a hana shi kwafarta. Saboda haka duk ma'aikacin da ya ƙi a kwafi dokar da aka riga aka buga, yana fakewa da haƙƙin mallaka, hujjarsa ba ta da tushe.

Saura na huɗu, shi ne amsa. Waƙar da mutum ya tsara ita ce doka ta tsare, kuma muna da misali daga arewacin jiharmu. Mdu Muktar, makaɗin gita na yankin Abalak da Cintabaradan, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka sani da sunan Anar. Ba su fita kasuwa ta hannun wani kamfani ba, sai suka bi wayoyin hannu, wannan ya tura wa wancan, har suka tsallaka hamada. Wani Ba'amurke, Kiristofa Kirkili, ya ci karo da ɗaya daga ciki, ya sa ta a faifan waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, kuma sai da ya yi cigiyar mai waƙar ya same shi don a biya shi rabonsa.

Mu warware wannan zance daki-daki. Waƙar ta shiga wayoyi dubbai kyauta, amma yaɗuwa ba ta mai da ita ta kowa ba. Haƙƙin ya tabbata tun ranar da aka tsara ta, ba sai da rajista ko hatimi ba. Kai aiki ofishin BNDA shaida ce da hanyar karɓar kuɗi, ba ita ke haifar da haƙƙin ba. A tsarin yarjejeniyar Bangi ma ba sai an rubuta ko an ɗauka a kaset ba, abin da ke da amfani ga mawaƙanmu na baka, alhali dokar Najeriya tana neman a adana aikin a wani abu tukuna. Sannan a waƙa guda ana iya samun masu haƙƙi uku: wanda ya tsara baiti da kari, wanda ya rera ko ya kaɗa, da wanda ya zuba kuɗinsa aka ɗauki sautin.

Me doka ta bari a cikin waƙar? Ta bar salon kiɗan gita na Buzaye, wanda Mdu Muktar kansa ya tarar ana yi. Ta bar jigon soyayya da begen gida. Saurayi a Tawa na iya ɗaukar gita ya yi waƙar soyayya da wannan salo, ba mai tuhumarsa, muddin baiti da kari nasa ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. In ka ji waƙa ka ce wannan irin kiɗan wane ne, salo aka ara. In ka ji ka ce ai wannan waƙar wane ce, to an kwafa.

Yanzu ga ɗan kasuwa. Mai rumfar da ke zuba waƙoƙi a katin waya yana karɓar kuɗi yakan ce ai da kuɗina na sayi faifan. Gaskiya ne, faifan nasa ne, yana iya saurare, yana iya kyautar da shi, har doka ta yarda ya kwafa don amfanin kansa a gida. Amma sayen tulu ba ya ba mutum rijiya. Kwafa don sayarwa, da sa waƙa a tallar kaya, da kaɗa ta a otel ko a rediyo, duk suna bukatar izni da biya. Ɗan siyasar da ya ɗauki karin wani ya canja baiti ya mai da shi waƙar jam'iyya ya taɓa haƙƙi biyu: na kuɗi, da na mutuncin aikin, wanda ba ya barin mai shi ko da ya sayar da na kuɗin.

Iyaka biyu suka rage. Ta farko lokaci: yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke ciki, ta sa aƙalla tsawon ran mai aikin da shekara 50 bayan rasuwarsa, magada na ci, daga nan aikin ya zama na jama'a. Ta biyu kayan gado, irin tatsuniya da kirari da waƙoƙin daka da ba a san wanda ya fara su ba. Ba mutum guda da zai ce nasa ne, mata kuma za su ci gaba da rera su a bakin turmi ba da izinin kowa ba. Sai dai wanda zai fid da su daga muhallinsu na al'ada don neman riba, dokar Nijar ta ce ya nemi izni.

Saboda haka, duk wanda aka kawo wa ƙara irin wannan, ko a ofis ko a rumfa, ya fara da tambaya guda: me aka ɗauka? In dabara ce ko labari, ba laifi a wannan doka. In suna ne, a duba rajistar OAPI. In kalmomin mutum ne ko karinsa ko zanensa, a nemo mai su a biya shi.