Buhu Ɗaya a Tsakar Gida: Jawabin Ranar Cikar Shekarar Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajen da suka bar mu muka fito, sannunku da zuwa.

An ce mu yi magana kan sana'ar da mace za ta yi ba sai ta kama shago ba. To, mu abin da muka sani shi ne awo, don haka a kan wake za mu tsaya.

Mu fara da shagon. A ce a bakin titin Zariya ko Court Road an yanka miki haya naira 360,000 a shekara, kuma a dunƙule ake so. Duk wata 30,000 ke nan, ko kin yi ciniki ko ba ki yi ba. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Mu goma muke haɗa kuɗi, kowacce ta kawo 10,000, mu tura mutum biyu Dawanau. Kafin a biya, a sa mai kaya ya ɗebo daga tsakiyar buhu da gindinsa, domin na sama ado ne. A ciji ƙwaya ɗaya. In ta fashe ƙas, ya bushe, in kuwa ta lotsa, da sauran danshi. A duba huji, da ɗigo-ɗigon fari a jikin ƙwayar, wannan ƙwan ƙwari ne. In hannu ya fito da gari, an riga an fara cinsa. In kuma warin magani ya buge ki, ki bar shi komai arharsa, abinci ne za a ba 'ya'yan mutane.

Farashi kullum canzawa yake, amma a ce mun sayi buhu 90,000, dako da Adaidaita Sahu zuwa Tarauni sun ci 4,000. Ana cewa buhu kwano 40 ne. Nan muka faɗi a buhunmu na farko. Muka raba 90,000 gida 40, muka ce kwano ya zo mana a 2,250, muka sayar 2,400 muna murna. Ashe bayan an tsince tsakuwa, an sheƙe, an yi wa masu saye gyara, kwano 38 ya rage. Abin da ya shigo 91,200 ne, mu kuwa 94,000 muka kashe. Mun yi ɗawainiyar mako biyu, mun kuma cika 2,800 daga aljihunmu. Wallahi ranar har aka fara zargin juna, wata ta ce a ba ta kuɗinta ta fita. Sai da muka kai maganar ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta rubuta a allo, sannan muka ga ba wadda ta ci kuɗin kowa.

Yanzu sai mun tsince mun auna kafin mu sa farashi. 94,000 a raba gida 38, kwano ya kusa 2,500. In an sayar 2,800, za a tashi da 106,400, riba 12,400. To ku tuna hayar nan: ribar buhu biyu 24,800 ce, ba ta ma biya wata ɗaya ba. Kun ga da muna shago, mai gida muke yi wa aiki.

Za ku ce wa zai biyo mu gida? Mu muke bin su. Mai ƙosai, mai alala, mai garau-garau, da masu abincin da ke kewayen Asibitin Malam Aminu Kano, kullum sai sun sayi wake. Abin da muke sayar musu har da hutu ne: tsintacce, cikakken awo, a kai mata har gida. In kika samu mata huɗu, kowacce kwano ɗaya a rana, buhu ya ƙare cikin kwana 10. Amma ki leƙa Kasuwar Tarauni ki ji farashi tukuna. In can ya fi naki sauƙi sosai, kada ki sari buhun a wannan makon.

Saura abu biyu da ke karya mu. Na farko bashi. Dokarmu ita ce, a biya na jiya kafin a karɓi na yau, kuma a rubuta a littafi ko ƙanwarki ce. Na biyu kwaɗayin ajiya. A 2025 mun ga yadda farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka ɓoye suna jiran tsada suka tafka asara. Jarinmu ƙarami ne, juyawa yake so. In ya zama dole wake ya daɗe, a shanya shi, a cika busasshiyar jarka har baki, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da kansu za su mutu.

Duk wadda ke son shiga zubin buhu na gaba, ta ba ma'aji sunanta kafin a tashi. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya maimaita mana.