Awon Yanki Ɗaya Ya Ja Na Maƙwabtansa: Lacca Kan Tsara Na'ura Daga Sama Zuwa Ƙasa a Fusion

Na'ura ba ta taɓa zama yanki guda. Ko ƙaramin injin markaɗe yana da sanda mai juyawa, da boris ɗin da ke riƙe ta, da gidan da boris ɗin ke zaune a ciki, da murfin da ke tsare shi daga ƙura. Babu ɗaya daga cikinsu da yake da awon kansa shi kaɗai, domin faɗin boris ne ke yanke faɗin ramin gida, gidan kuma ya yanke girman murfi da wuraren da za a huda ramukan noti. Tsarawa daga sama zuwa ƙasa ita ce shigar da wannan dogaro cikin zanen tun daga farko, yadda idan aka sauya awo ɗaya sauran za su bi shi da kansu. Shugaban taro da malaman da ke zauren nan sun san yadda ake zana fili a ja shi ya yi jiki, don haka wannan ba abin ɓata lokaci ba ne. Inda ake da saɓani shi ne yadda ake koya wa ɗalibai haɗa yankuna.

Abin da aka saba yi a ajujuwa da dama shi ne a ba ɗalibi takarda mai awo, ya zana sanda a fayil ɗaya, gida a wani, murfi a wani, daga ƙarshe ya jawo su wuri guda ya manna. Masu kare wannan hanya suna cewa ta fi sauƙin koyarwa, ta kuma fi sauƙin dubawa a ba da maki. Haka ne. Amma ɗalibin ya rubuta awon boris da hannunsa a fayil uku, kuma ranar da lambar ta sauya sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana fatan bai manta ko ɗaya ba. Fusion, manhajar kamfanin Autodesk da aka daɗe ana kira Fusion 360, ba ta tilasta wa kowa wannan wahala, tunda fayil guda yana iya ɗaukar dukkan yankunan, kowanne a matsayin `Component` mai zanensa da jikinsa.

Misalin da za a bi shi ne gidan boris mai lamba 6204. Ramin cikinsa milimita 20 ne, faɗin wajensa 47, kaurinsa 14. Kafin a ja layi ko ɗaya sai a buɗe `Change Parameters` da ke ƙarƙashin `Modify`, a rubuta awon da sunaye a sashen `User Parameters`:

```
boris_ciki  = 20 mm
boris_waje  = 47 mm
boris_kauri = 14 mm
bango       = 12 mm
gida_waje   = boris_waje + 2 * bango
layin_noti  = boris_waje + bango
ramin_murfi = boris_ciki + 2 mm
```

Huɗu na farko su ne masu ja, ukun ƙarshe kuwa jan su ake yi. Faɗin wajen gida ya fito 71, da'irar da ramukan noti ke kai ta fito 59, wato daidai tsakiyar bangon, ramin da sanda ke bi a murfi kuma 22. An zaɓi bangon milimita 12 ne saboda noti M5 zai shiga tsakiyarsa ya bar nama milimita uku da rabi ta kowane gefe.

Bayan wannan sai a yi zane guda a saman fayil ɗin, wanda ba na kowane yanki ba ne: layin tsakiyar sanda, da rabin yankan boris, da bango, da murfi, duk an auna su da sunayen nan maimakon lambobi. Wannan zanen shi ne ƙashin bayan aikin. Daga nan a ƙirƙiri `New Component` a sa masa suna gida, a tabbatar an kunna shi, sannan a fara gina jikinsa da `Revolve`. Haka za a yi wa murfi da sanda. Kunna yankin kafin a taɓa komai shi ne abin da masu aiki da manhajar ke kira dokar farko, kuma ɗalibai sun fi karya ta fiye da kowace doka. Wanda ya manta zai tarar zanen murfinsa ya faɗa cikin gida ko ya tsaya a saman fayil, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya so fitar da murfin shi kaɗai ya ga tarihinsa bai biyo shi ba. Tunda yankunan a mazauninsu aka gina su, ba a buƙatar `Joint` ya ɗauko su ya ajiye. `As-Built Joint` ya isa: murfi da gida `Rigid`, sanda da gida `Revolute`.

Yanzu a ce maƙerin da zai yi aikin ya dawo daga kasuwa ya ce sandar milimita 20 ta yi siriri, a koma 6205. Ciki 25, waje 52, kauri 15. Lambobi uku ake sauyawa a wuri ɗaya. Gida ya koma 76, da'irar noti 64, ramin murfi 27, ramin zaman boris ya ƙara zurfi da milimita ɗaya, ramukan murfi kuma suna fuskantar na gida kamar yadda suke a da. Aikin bai kai minti guda ba.

A nan ne rigima ta biyu take, kuma ta fi ta farko muhimmanci, domin da masu goyon bayan wannan hanya ake yin ta. Da yawansu sun ɗauka tsarawa daga sama zuwa ƙasa ita ce danna `P`, wato `Project`, a kan duk gefen da ido ya gani. Za a zana murfi, sai a ɗauko gefen gida. Za a zana abin da ke bayan murfi, sai a ɗauko gefen murfi. Layukan shunayya su cika zane, kowanne yana rataye da wanda ya gabace shi. Gefen jiki kuwa ba abu ne tabbatacce ba, sakamakon wasu matakai ne. Idan gefen da aka ɗauko na `Chamfer` ne da aka sassaƙe bakin gida da shi, ranar da aka cire sassaƙar gefen ya ɓace, zanen murfi ya rasa abin dogaro.

Abin tsoron shi ne yadda manhajar ke ɗaukar wannan rashi. Ba ta tsayawa. Tana shafa wa matakin launin rawaya a jerin tarihi da ke ƙasan allo, ta ci gaba da amfani da tsohuwar siffar da ta adana. Murfin yana nan a allo da kyansa, amma ya daina bin gida. A sauya boris zuwa 6205, gida ya tafi 76, ramukansa su koma da'irar 64, murfi kuwa ya tsaya a 59. Kowane rami ya kauce da milimita biyu da rabi, wato rabin faɗin notin kansa. Launin ja yana nuna matakin ya gaza a fili, shi ya sa ake gyara shi. Rawaya kuwa ɗalibi yakan kalle shi ya wuce, har a kai takarda wurin mai huda ƙarfe. Maganinsa a danna `Compute All` bayan duk wani babban sauyi, a fara gyara daga gargaɗin da ya fi kusa da hagu tunda shi ke haifar da na bayansa, a maida layin da ya ɓata kan mazauninsa da `Manage Lost Projections`. Amma murfin da ya ɗauki awonsa daga `layin_noti` ko daga zanen ƙashin baya ba ya shiga wannan hali ko kaɗan, domin suna ba ya ɓacewa don an sassaƙe baki. Ƙa'idar ke nan: duk yankuna su sha daga rijiya ɗaya, kada wani ya sha daga bakin wani. `Project` yana da wurinsa, a kan siffar da lissafi ba zai iya kama ta ba, kamar lanƙwasar jikin da aka zuba a ƙira, kuma ko a nan ma daga zanen farko ya kamata a ɗauko.

Jerin tarihin yana da tasa doka. Abin da ke hagu yana jan abin da ke dama, ba a juya wannan. Idan an gina murfi kafin gida, murfin ba zai iya dogaro da gefen gida ba sai an sake jera matakan, kuma manhajar ba ta yarda a ja mataki ya wuce gaban abin da ya dogara da shi. Saboda haka tambayar wane ne ke jan wane a takarda ake amsa ta, kafin a kunna kwamfuta. A wannan misali boris ne shugaba, saboda ba a ƙera shi a shago, sayo shi ake yi a yadda masana'anta ta yi shi.

Wannan ne kuma ya kawo iyakar lissafi. Wanda ya sauya `boris_ciki` zuwa 25 ya bar 47 da 14 ya zana boris ɗin da ba ya cikin jerin su 6204 da 6205, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Akwai mai ciki 25 da waje 47, shi ne 6005, amma kaurinsa 12. Lambobin uku tare suke tafiya, daga littafin masana'anta ake kwafo su. Haka ma rangwamen awo. Ramin 47 mai alamar H7 an yarda ya wuce da milimita 0.025, ramin 52 kuwa da 0.030, saboda teburin yana tsallake mataki a kan 50. Jiki ya sauya da kansa, amma rubutun da aka buga da hannu a takardar aiki yana nan da tsohuwar lamba har sai mutum ya duba. Boris ɗin da aka sauko da shi a fayil ɗin STEP shi ma ba ya jin kiran kowane suna. Gara a zana zobe mai sauƙi da awon nan uku ya tsaya a madadinsa.

Akan ce a masana'anta mutane da yawa ke aiki a kan na'ura guda, fayil ɗaya ba zai wadatar ba. Amsar ita ce umarnin `Derive`, wanda yake kai zanen ƙashin baya da awon da aka sa wa alama zuwa wasu fayiloli, kowa ya yi nasa a can. Noti da boris da duk abin da ake saye, waɗanda na'urori da dama ke amfani da su, su zauna a fayilolinsu daban. Wannan bai taɓa zama abin gardama ba.

Abin da ya rage na sassan koyar da zanen injiniya ne. Darasin `Change Parameters` ya dawo makonnin farko, kada a bar shi ƙarshen zango inda lokaci kan ƙare kafin a kai gare shi. A daina ba da maki a kan hoton allo. Ɗalibi ya miƙa fayil ɗinsa, mai jarrabawa ya buɗe shi a gabansa, ya maida 6204 zuwa 6206, wato 30 da 62 da 16, ya danna `Compute All`, ya auna gida ya ga ko ya fito 86 da'irar noti kuma 74, sannan ya gwada `Interference` a ƙarƙashin `Inspect` ya ga ko wani yanki ya kutsa cikin wani. Kowane rawaya da ya bayyana a jerin tarihi a zare masa maki.