HARAJIN KYAUTA DA DALILIN ƊORA SHI



Maganar yau a kan wani irin haraji ce wanda yawancin mutane kan yi mamaki in suka ji labarinsa, watau harajin da waɗansu ƙasashe ke ɗorawa a kan kyauta. Mutum ya ɗauki dukiyarsa wadda ya nema da guminsa, ya ba ɗansa ko ƙanensa don ra'in kansa, ba ciniki aka yi ba, ba riba aka ci ba, to mene ne na gwamnati a ciki? Tambayar tana bisa hanya, amma ba a samun amsarta sai an fara duban wani haraji dabam, shi ne harajin gado.

A ƙasashe da yawa, idan mai dukiya ya rasu, gwamnati takan cire wani kaso daga abin da ya bari kafin magada su raba. Ingila ta kafa irin wannan haraji a 1894, Amirka kuma a 1916. Ba kowa yake shafa ba, sai wanda dukiyarsa ta haura wani adadi da doka ta yanka. To da zarar an kafa shi, sai wata ƙofa ta buɗe wadda ko yaro ya gan ta. Tun da a kan abin da mutum ya mutu ya bari ake biya, ai sai ya rabar da dukiyar ga 'ya'yansa tun yana da rai. Ranar da ya cika, ma'aikacin haraji ya zo ya tarar da wayam, alhali kuwa dukiyar tana hannun mutanen nan da za su gaje ta ko da ma. Saboda toshe wannan ƙofa ne aka ƙago harajin kyauta. Kuɗin da yake kawowa baitulmali kaɗan ne ƙwarai in aka gwada shi da sauran haraji. Aikinsa shi ne gadin harajin gado.

Amirka ta sha wahala kafin ta gane haka. Dokarta ta farko ta ce duk kyautar da mutum ya yi don ya hango mutuwa, za a haɗa ta cikin gadonsa. Sai aka shiga rigimar gane abin da ke zuciyar wanda ya riga ya kwanta dama. Magada su kawo shaidu cewa tsohon nan lafiyarsa ƙalau ran da ya yi kyautar, har yana shirin tafiye-tafiye. Gwamnati kuma ta kawo takardun likita. Sau da yawa magada ke yin nasara. Majalisa ta gaji, ta ce duk kyautar da aka yi cikin shekara biyu kafin rasuwa a ɗauke ta kawai ta hangen mutuwa ce, ba sauran gardama. Kotun Ƙoli ta rushe wannan a 1932. A shekarar nan ce aka kafa harajin kyauta mai zaman kansa, bayan wani da aka gwada a 1924 aka soke a 1926. A 1976 aka haɗa harajin kyauta da na gado bisa ma'auni ɗaya, yadda manyan kyaututtukan da mutum ya yi a rayuwarsa za su riƙa cin rangwamen da gadonsa zai samu. A can mai bayarwa ne ke da alhakin biya, kuma akwai adadin da mutum zai iya ba kowane mutum ɗaya a shekara ba tare da an lissafa ba. A 2025 dala 19,000 ne.

Ingila ta bi ta wata hanya. A 1975 ta kawo haraji a kan kowace irin miƙa dukiya, ko da rai ko bayan rai. A 1986 ta sassauta, ta koma ga tsarin da ake kira ƙa'idar shekara bakwai. Ma'anarta ita ce, idan mutum ya yi wa wani kyauta, ba a karɓar kome a ranar. Sai a jira. In ya yi shekara bakwai a raye bayan kyautar, ta kuɓuta. In kuwa ya rasu kafin nan, sai a dawo da ita cikin lissafi. Kyawun wannan tsari shi ne ba ruwan kowa da niyyar mamaci. Kwanan wata kaɗai ake dubawa.

Ga misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. A Ingila fam 325,000 na farko ba a biyan kome a kansu, abin da ya haura kuwa ana cire kashi 40 cikin ɗari. A ɗauka wani dattijo, matarsa ba ta cikin lissafin, yana da fam 700,000, duka kuɗi ne a banki da hannun jari. A bar maganar ƙananan rangwame don sauƙin fahimta. Da zai rasu bai ba kowa kome ba, sai a cire fam 325,000, saura fam 375,000, harajinsu fam 150,000.

To sai ya ba 'yarsa fam 500,000, ya riƙe fam 200,000. Idan ya rasu bayan shekara biyu, kyautar ce za ta fara cinye rangwamen nan na fam 325,000, domin ita ta riga. Ragowarta fam 175,000, harajinsu fam 70,000. Abin da ya bari kuma, fam 200,000, ba sauran rangwamen da zai rufe shi, sai a cire masa kashi 40 tun daga fam na farko, watau fam 80,000. Jimla fam 150,000, daidai da wanda bai yi kyautar ba. Dabararsa ba ta rage masa ko anini ba, kuma abin da dokar ke nufi ke nan.

Idan kuwa ya kai shekara huɗu da rabi, akwai sassauci. Harajin kyautar yakan sauka daga kashi 40 zuwa 32 bayan shekara uku, zuwa 24 bayan huɗu, 16 bayan biyar, 8 bayan shida. Nasa zai zama kashi 24 na fam 175,000, watau fam 42,000, ga kuma fam 80,000 na abin da ya bari, jimla fam 122,000. In Allah ya ja kwanansa ya wuce shekara bakwai, kyautar ta fita daga lissafi ɗungum, fam 200,000 da ya bari kuma ba su kai adadin ba, ba a biyan kome.

Akwai wurare biyu da mutane kan yi tuntuɓe a nan. Na farko, sassaucin nan a kan harajin kyautar yake, ba a kan kyautar kanta ba. Wanda ya ba da fam 300,000 ya rasu bayan shekara shida ba ya samun wani sassauci, domin kyautar ba ta haura adadin ba, ba ta da harajin da za a rage, amma ta cinye kusan dukan rangwamen da sauran magada suke sa rai a kai. Na biyu, wanda aka yi wa kyautar shi ake fara nema da harajinta. 'Yar nan ta misalinmu, in ta riga ta kashe kuɗin a kan gida ko jari, wata rana sai ta ga takardar neman fam 42,000 tana cikin zaman makoki.

Sai kuma kyautar baki, wadda ta fi kowace ba masu haraji aiki. Mutum ya sa hannu a takarda cewa gidansa ya zama na ɗansa, amma yana nan zaune a ciki, bai biya haya ba, kome bai sāke ba sai suna. Dokar Ingila ba ta ɗaukar wannan kyauta ce ta gaskiya. Muddin mai bayarwa yana cin amfanin abin, shekarun nan bakwai ba su ma fara ƙirguwa ba, kuma ran da ya rasu za a lissafa gidan cikin gadonsa bisa kuɗin da yake yi a ranar. In yana so kyautar ta tabbata, sai ya tashi daga gidan, ko ya riƙa biyan haya irin wadda baƙo zai biya. Haka nan wanda ya sayar wa ɗansa abin fam 100,000 a kan fam 10,000, ana ɗaukar fam 90,000 ɗin kyauta ce.

Wanda ya karanta fikihu ba zai ga waɗannan ƙa'idodi baƙi ba, ko da yake manufar ta bambanta. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa. In mai bayarwa ya rasu tana hannunsa, ta koma gado. Kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take bi, ba ta wuce sulusi. Malamai haƙƙin magada suke tsarewa, masu dokar haraji kuwa kason baitulmali, amma dabarar da suke gudu ɗaya ce, watau a raba gado tun da rai a kira shi kyauta.

Nijeriya ma ta taɓa gwadawa. A 1979 gwamnatin soja ta kafa dokar haraji a kan miƙa dukiya, wadda ta haɗa kyautar da aka yi da rai da dukiyar da aka bari, in ta haura naira 100,000. Ba ta yi ƙarko ba, aka soke ta a 1996. Wahalar irin wannan haraji a fili take. Rasuwa abu ne da ba ya ɓoyuwa, kyauta kuwa tana iya wucewa tsakanin uba da ɗa a cikin ɗaki, ba shaida, ba takarda. Inda filaye da gidaje da yawa ba su da rajista, shanu da zinariya kuma suna sāke hannu ba wanda ya rubuta, ma'aikaci ba shi da inda zai kama. Ko an gano kyautar, sai an yi mata kuɗi, kuma kimanta gona ko kamfanin iyali da ba a taɓa sa shi a kasuwa ba aiki ne mai jawo gardama.

Saboda haka ne ko ƙasashen da suka riƙe harajin ba sa bin kowace kyauta. Ingila ta bar wa mutum fam 3,000 a shekara, ta kuma yafe kyautar aure har wani adadi, da abin da mutum ya saba bayarwa daga rarar abin da yake samu. Kyauta tsakanin miji da mata, da wadda aka ba ƙungiyoyin taimakon jama'a, galibi ba a taɓa su. Waɗansu ƙasashe kuwa sun ga abin bai biya wahalarsa ba. Ostareliya ta soke harajin gado na tarayya tare da na kyauta a 1979, Suwidin ma ta soke su biyun a 2004. New Zealand ta soke na gado a 1992, ta bar na kyauta shi kaɗai, yana kawo kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har ita ma ta soke shi a 2011.