Gwajin Gida: Yadda Za Mu Mai Da Tsohuwar Takardar Jarrabawa Mudun Awo Na Gaskiya

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu a Potiskum





Maganarmu ta yau a kan littafin nan ne na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wanda kusan duk gidan da ke da ɗan ajin ƙarshe na sakandare an saya. Abin da muke gani shi ne, yaro ya kishingiɗa a tabarma, ya karanta tambaya, ya juya baya ya leƙa amsa, ya gyaɗa kai ya ce ai ya gane. Uba ya wuce ya gan shi da littafi, hankalinsa ya kwanta. Sai sakamako ya fito babu kiredit a Lissafi, alhali sai da shi da Turanci ake samun shiga yawancin manyan makarantu. Kuɗin rajista sun tafi, shekara ta tafi.

To, mu mutanen kasuwa ne. Duk wanda ya taɓa awon gero ya san idan aka bugi gindin mudu ya lotsa, lissafin buhu ba zai fita daidai ba. Tsohuwar takardar jarrabawa mudu ce. Da ita za mu auna abin da yaro zai iya shi kaɗai, cikin ƙayyadadden lokaci, ba wanda ya tallafa masa. In muka sassauta sharaɗi ko da ɗaya ne, mun lotsa mudun da hannunmu, kuma kanmu muka cuta.

Bari mu ɗauki takardar Lissafi ta hukumar WAEC mu bi ta daki-daki, domin abin da ya hau kanta ya hau kan ta NECO da sauran darussa. Kashi biyu ce. Akwai ta zaɓen amsa, wadda yara ke kira objektif: tambayoyi 50, maki 50, awa ɗaya da rabi. Akwai ta rubutu, wadda suke kira tiyori: tambayoyi 13, a amsa 10, maki 100, awa biyu da rabi. A cikinta sashen farko tambayoyi 5 ne na dole, maki 40. Sashe na biyu tambayoyi 8 ne, a zaɓi 5, maki 60. Duk da haka kullum a duba saman takardar da ke hannu, lokacin da aka rubuta a can shi ne alƙali.

Abu na farko, zaɓen takarda. Dole ta kasance wadda yaron bai taɓa gani ba. Tun ranar da aka sayo littafin, uba ko wa ya ware shekaru uku na baya-bayan nan, ya ce waɗannan ba a taɓa su. Sauran shekarun yaro ya yi ta bita da su yadda ya ga dama. Ana gobe gwaji, a kai littafin shagon masu hoton takardu a ɗauko shafukan tambayoyin kawai, a sa a ambulan a liƙe. Shi kuwa littafin, da yake amsoshi suna cikinsa, a kulle shi a akwati. Takardar da aka riga aka leƙa, ko sau ɗaya ne, hadda take aunawa, ba fahimta ba.

Abu na biyu, rana da wuri. Bisa al'ada, takardun Lissafin nan biyu rana ɗaya ake yin su, saboda haka mu ma mu yi su rana ɗaya. A zaɓi Asabar ko Lahadi, kada ta zama ranar da ake neman yaro a rumfa ko a kara wajen shanu. A fara ta rubutu da ƙarfe tara da rabi na safe a tashi sha biyu, a yi sallar azahar a ci abinci, sannan a yi ta zaɓen amsa daga biyu zuwa uku da rabi, kafin la'asar. Kada a ce a bari sai dare ya yi sanyi. Jarrabawar 'yan makaranta a wajen watan Mayu da Yuni take faɗowa, kuma duk mun san zafin garin nan a lokacin. Yaron da bai saba tunani cikin gumi ba, ranar zai sha mamaki.

A nemi tebur da benci, ko da aro ne daga makarantar Islamiyya, domin rubutun awa biyu da rabi a zaune a kan benci daban yake da na kwance a tabarma. Zaure ya isa, in an rufe ƙofa an gaya wa mutanen gida. Iyayenmu mata, a nan muke roƙonku: yarinyar da ke gwaji ba a aikenta, ba a miƙa mata goyo, ba a ce ta leƙa tukunya. In yara uku ko huɗu ne na maƙwabta, ya fi kyau, amma a raba su nesa da juna yadda ido ba zai kai takardar wani ba.

Abin da zai hau teburin shi ne abin da ake bari a shiga da shi: biro, fensir da abin gogewa, rula da kwamfas, kalkuleta irin wadda hukuma ta yarda da ita, takardar giraf da fararen takardu. Waya ba ta shiga, ko da sunan duba lokaci ne ko yin lissafi. A rataya agogon bango a gabansa.

Abu na uku, mai tsaro. Ba sai wanda ya yi boko ba. Kaka ma za ta iya, muddin ta san agogo kuma ba ta da sassauci. Aikinsa huɗu ne: ya buɗe ambulan a gaban yaro, ya ce a fara, ya sanar idan saura minti talatin da kuma minti goma, ya ce a ajiye biro. Ba ya fassara tambaya. Ba ya tsayar da agogo don an fita bayan gida. In lokaci ya cika yaro yana tsakiyar layi, a nan zai tsaya. Tausayin da ke cewa “ƙara masa minti biyar” shi ne ke kayar da shi a zauren gaske, inda ba wanda ya san sunan ubansa.

Yanzu ga lissafin lokaci, wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya zauna. Minti 150 ne ga maki 100, wato kowane maki ɗaya minti ɗaya da rabi. Tambayar sashen farko mai maki 8 rabonta minti 12, ta sashe na biyu mai maki 12 rabonta minti 18. Amma in aka bi haka cif-cif, ba a bar komai ba don karantawa da dubawa. Shawararmu: minti 10 na karanta takarda da zaɓen tambayoyi, minti 10 ga kowace tambayar sashen farko, minti 16 ga kowace ta sashe na biyu, minti 10 na dubawa a ƙarshe. Goma da hamsin da tamanin da goma, 150 ke nan. A ta zaɓen amsa kuwa, kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba, saboda haka wadda ta ƙi, a sa mata alama a wuce, a dawo daga baya. Mu umarci yaro ya riƙa rubuta lokaci a gefen takarda duk sa'ad da ya fara sabuwar tambaya. Wannan ɗan rubutun shi zai tona mana inda lokaci ya zube.

Mu ɗauki misali. A ce yarinya ta fara tara da rabi, lokutan da ta rubuta a gefe suka nuna ba ta gama sashen farko ba sai goma da minti hamsin da biyar. Ta ci minti 85 inda ya kamata ta ci 60. Saura minti 65, ta samu ta yi tambayoyi uku kacal a sashe na biyu. Da aka duba, ta ci 31 cikin 40 a farko, 24 cikin 36 a ukun nan, jimla 55. A ta zaɓen amsa ta ci 29. In aka haɗa, 84 cikin 150, wato kashi 56 cikin ɗari. Wannan shi ne makinta na gaskiya, shi za a rubuta.

Sai dai kafin a ba ta amsoshi, akwai dabara guda. Bayan an karɓi takarda an ja layi a ƙarƙashin inda ta tsaya, a ba ta biro mai wani launi da ƙarin rabin awa ta yi biyun da suka rage. In ta ci 17 cikin 24, mun gane ta san karatun, lokaci ne ya kashe ta, maganinta kuwa yawan gwaji da agogo a kan gajerun tambayoyi. In ta ci 4 kawai, ba agogo ba ne, darasin ne bai zauna ba, sai a koma wurin malami da sunan babin. Makin sabon biron ba ya shiga jimla ko kaɗan. Don gano ciwo aka yi shi.

Wa zai duba? Ta zaɓen amsa kowa zai iya, ya riƙe jerin amsoshi ya bi. Amma mu sani littattafan kasuwa sukan zo da kuskuren ɗab'i, don haka in yaro ya dage cewa tasa ce daidai, a kai wa malami ya raba gardama. Ta rubutu kuwa sai wanda ya san fannin, malamin makaranta ko ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan garin. Kada yaro ya duba tasa, kowa yana yi wa kansa rangwame. Dalili kuma, masu duba jarrabawa suna ba da maki ga hanya, ba ga amsar ƙarshe kaɗai ba. A ce an ba da 2x + y = 11 da x − y = 1. Wanda ya haɗa su ya nuna 3x = 12, ya fitar da x = 4, sannan y = 3, ya kwashe makin duka. Wanda ya nuna hanyar daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe, yana da rabonsa. Wanda ya dire amsa tsirara ba aiki, ya yi asarar mafi yawa. Mai dubawa ya bi wannan ƙa'ida, kuma inda ya yi shakka, ya hana makin.

Yaya za mu gane mudu ya lotse? In makin gida ya yi wa na makaranta nisa ƙwarai. In amsoshi suna fitowa daidai amma babu aiki a takarda. In yaro ya gama tun da sauran awa guda kuma ya ci kusan duka. Duk wanda ya ga haka, kada ya ɗauki bulala, ya sake gwaji da wata shekarar da ya tabbata ba a gani ba. Kuma mu iyaye mu kiyaye: ranar da muka doki yaro a kan maki 40 na gaskiya, mun koya masa ya kawo mana 80 na ƙarya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada a yi gwajin nan kullum. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, domin kwanakin tsakani na gyaran abin da aka gano ne. Kuma a fara tun da sauran wata uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Wani abu kuma, tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, ita ma WAEC ta soma amfani da kwamfuta a 2024 da masu zaunawa daga waje. Saboda haka a tambayi makaranta yadda ta bana za ta kasance. In a kwamfuta ce, gwajin takarda zai auna sani da lokaci, amma sai an haɗa da kai yaro inda zai saba da na'urar.

Muna roƙon shugabanni su duba yiwuwar ƙungiya ta tanadi benci da agogo da ambulan na tambayoyi, a samu dattijo ɗaya a kowane layi da zai riƙa tsaro, yadda gidan da ba shi da zaure ko tebur ba za a bar shi baya ba.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya sa mu ga amfaninsu.